Zanen karfasa a firatikal ɗin bayoloji: a ina makin yake zubewa?

Hauwa'u: Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe na sakandare, bana zan rubuta WAEC da NECO. A jarrabawar gwaji an ajiye mana karfasa a faranti, aka ce mu zana ta ta gefe, tsawon santimita 8 zuwa 10, mu sa sunayen sassanta. Maki 4 na samu cikin 11, alhali duk ajinmu an san na iya zane. Wadda ke kusa da ni zanenta ko kyan gani babu, amma ta tashi da 9. Don Allah mene ne ainihin abin da ake dubawa?

Abdul: Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsalar a bayyane take, lebul ne. A bayoloji sunayen da kika sa su ne makin, zanen kansa ba ruwan kowa da shi. Ki cika shi da suna ko'ina, goma sha biyar ko ashirin, za ki ga canji.

Malam Sani: Abdul, ka faɗi wani ɓangare, amma in ta bi shawararka yadda ka ba ta, makin ba zai motsa ba. Na daɗe ina koyar da bayoloji, kuma ina zuwa makin takardu. Kafin in ce komai, Hauwa'u, amsa mini waɗannan 'yata. Me kika rubuta a matsayin take? Kin auna tsawon zanen da rula? Kin yi masa inuwa da fensir? Layukan da suka tashi daga zanen zuwa sunayen, da rula kika ja su? Kuma kin rubuta magnifikeshan, wato lissafin girman zanen in an gwada shi da girman kifin?

Hauwa'u: Malam, taken na rubuta sunan kifi kawai da Turanci. Yanzu na ɗauko takardar na auna, zanen ya kai santimita 14, don na ga shafin da fili. Na yi inuwa a bayanta saboda bayan karfasar ya fi cikinta duhu. Layukan da hannu na ja, na sa musu kan kibiya. Magnifikeshan ban rubuta ba, lokaci ya ƙure.

Malam Sani: To kin ga amsar ta fito daga bakinki. Mai maki ba ya ja baya ya kalli zanen ya ce kai, wannan ya yi kyau. Takarda ce a gabansa mai layi-layi, kowane layi da abu ɗaya da zai nema. In ya gani ya ba da makin, in bai gani ba ya wuce. Rabon makin yana canzawa daga shekara zuwa shekara, daga tambaya zuwa tambaya, amma gidajen da ake zuba shi kusan kullum su ne: take, girman zane, tsabtar layi, tsabtar lebul, magnifikeshan, wasu siffofi na musamman da ake son a gani a jikin zanen, sai sunayen sassa.

In malaminku wannan tsarin ya bi, ga yadda nake zaton 11 ɗinku ta rabu. Gidaje biyar na farko kowanne maki ɗaya, biyar ke nan. Siffofi na musamman uku. Sunaye shida, kowanne rabin maki, uku. Ke kin rasa biyar ɗin farko gaba ɗaya, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar iya zane. Taken bai faɗi ta wane ɓangare aka zana ba, bai kuma ambaci harafin da aka sa wa sifesimin, wato kifin da aka ajiye miki, ba. Santimita 14 ta fita daga 8 zuwa 10. Inuwa ta cinye makin tsabtar layi. Layin hannu da kan kibiya sun cinye na tsabtar lebul. Magnifikeshan babu. Saura shida, kika ci huɗu. Maƙwabciyarki ta bi ƙa'idojin ne, shi ya sa zanenta mara kyau ya wuce naki.

Nan kuma kuskuren Abdul yake. Makin sunaye yana da iyaka. In shida ake nema, na bakwai da na goma sha biyar ba sa ƙara komai, sai dai su cunkushe shafin har layuka su fara gittawa juna, a rasa makin tsabta a kan hakan.

Abdul: Na ji Malam. Amma tambayar ai cewa take a sa suna cikakke. Yaya mutum zai tsaya a shida?

Malam Sani: Ban ce a tsaya a shida ba, tunda ɗalibi bai san adadin da aka tanada ba. A karfasa, takwas zuwa goma da aka tabbatar da su daga cikin waɗannan sun isa: baki, ido, ƙofar hanci, ofakulum wato marfin da ke rufe wurin numfashinta, layin gefe, ɓawo, sai fikafikan guda biyar da ake gani ta gefe, na baya, na ƙirji, na ciki, na kusa da dubura da na wutsiya. In rubutun ɗaya ko biyu ya karkace, sauran za su cike gurbin. Abin da nake hanawa shi ne sa sunan abin da ba a gani. Na sha ganin an nuna wurin numfashin kifi a zanen da ofakulum yake rufe. Ba a ɗaga marfin ba, ta ina ka gani?

Malama Binta: Bari in shigo da maganar girma, don ita ce ta fi ba ni ciwon kai da yarana. Ba a fara zanen kifi daga ido ko baki a yi ta tafiya sai inda fensir ya tsaya. Da rula ake farawa. Ki ɗora rula a jikin karfasar daga bakin zuwa ƙarshen wutsiya. A ce kin samu santimita 18. An ce zane ya kasance 8 zuwa 10, to ki zaɓi 9. Kada ki zaɓi 8 cif ko 10 cif, domin kaurin layin fensir kaɗai zai iya fitar da ke daga iyaka in mai maki ya ɗora tasa rular. Ki yi ɗigo biyu marasa nauyi a takarda, tsakaninsu santimita 9, ɗaya baki ɗaya ƙarshen wutsiya.

Tunda 9 rabin 18 ce, komai na jikin kifin rabi za ki yi masa. Ki auna faɗinta a inda ta fi faɗi, daga gadon baya zuwa ciki, ban da fiffike. In 6 ce, a zane 3. Ki auna kai, daga baki zuwa ƙarshen ofakulum. In 5 ce, a zane 2.5. Ki sa ɗigo a waɗannan wuraren, sannan ki haɗa su da layi. Ko wadda ba ta iya zane ba, in ta bi ɗigon, abin da zai fito zai yi kama da karfasa, ba zai yi kama da tarwaɗa ko ragon ruwa ba. Duk aikin awon nan bai wuce minti biyu ba.

Abdul: Shi ke nan magnifikeshan ya zama 18 a raba da 9, wato 2 cm.

Malama Binta: A'a Abdul, ka juya shi, kuma ka ƙara masa abin da ba nasa ba. Zane ne a sama:

```
M = tsawon zane ÷ tsawon sifesimin
M = 9 cm ÷ 18 cm = ×0.5
```

Santimita ta kashe santimita, saboda haka amsar ba ta da ma'auni, alamar × kawai ake sa mata a gaba. Hanyar gane ko ka juya mai sauƙi ce. Dubi zanen ka dubi kifin. In zanen ya fi kifin ƙanƙanta, dole amsar ta gaza 1. In ka ga ×2 a ƙarƙashin zanen da bai kai kifin ba, ka san ka kifar da lissafin.

Wani abin kuma, da tsawon zanen da ka gama ake lissafi, ba da wanda ka yi niyya ba. Ka yi niyyar 9 amma da ka gama ka auna ka ga 9.4, to 9.4 za ka raba da tsawon kifin. Kuma iri ɗaya ake aunawa a duka biyun. In a kifin ka haɗa da wutsiya, a zanen ma ka haɗa da ita.

Baban Khadija: Salamu alaikum. Ni uba ne, 'yata ma bana za ta zauna. Tunda ga malamai a nan, don Allah wa ya san sifesimin ɗin da za su fito bana? In karfasa ce a faɗa mana mu sayo ta yi ta koyo.

Malam Sani: Wa alaikumus salam Alhaji. Jerin sifesimin takarda ce ta sirri da hukumar jarrabawa ke aika wa makaranta don malamin ya tanadi kayan, ba a yaɗa ta, kuma ba za mu yi hakan a nan ba. Karfasar da muke magana ta jarrabawar gwajin Hauwa'u ce. Amma sayo karfasar ba asara ba ce. Ka haɗa mata da lemo, tumatir, ganyen mangwaro, fara da gashin kaza, ka saya mata fensir HB guda biyu, rula mai gani har hanji, kilina mai laushi da abin fiƙe fensir. Ƙa'idar da za ta koya a kan karfasa ita za ta yi mata aiki ko me aka ajiye mata a faranti.

Baban Khadija: Na gode Malam, Allah ya saka. Fensir mai baƙi sosai na saya mata, wanda aka rubuta 4B, mai shagon ya ce shi masu zane ke so.

Malama Binta: Na masu zanen hoto ne wannan, Alhaji. Yana da laushi, bakinsa yana saurin mutuwa, layin ya yi kauri, in hannu ya goga kuma ya ɓata takarda. HB za ka canza mata.

Hauwa'u: Malam, maganar siffofi na musamman nake son a buɗe mini. Cikin uku ɗaya kawai na ci ke nan in lissafinka ya yi daidai. Mene ne su a karfasa?

Malam Sani: Yauwa, nan ne ainihin bayolojin yake. Sauran gidajen ladabin zane ne, wannan kuwa shi ke nuna ko kin kalli abin da ke gabanki ko daga ka kika zana. Ba zan iya ce miki ga ukun da za a zaɓa ba, amma abubuwan da ake zaɓa su ne waɗanda suka bambanta wannan halittar da wasu, ko suke da alaƙa da yadda take rayuwa.

Fara da siffar jiki. Karfasa ta tsuke a kai, ta buɗe a tsakiya, ta sake tsukewa wajen wutsiya, siffar da ke ba ta damar ratsa ruwa. In kika zana ta kamar ƙwai, ko kika bar gindin wutsiyar da kauri, wannan ya tafi.

Sai fiffiken baya. Yara da yawa suna zana ɗan ƙaramin fiffike mai kusurwa uku a tsakiyar baya, irin na kifin da suka saba zanawa tun firamare. Na karfasa guda ɗaya ne dogo, ya taso daga kusan saman ofakulum har kusa da gindin wutsiya. Gabansa ƙayoyi ne masu tauri da tsini, sun fi goma sha biyar ko kusa da haka, bayansa kuma zarurruka masu laushi waɗanda suka fi tsawo. Ki taɓa da yatsa za ki ji bambancin. A zane dole a ga ɓangarorin biyu sun bambanta. Kifin da ya jima a faranti ko a cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, fiffikensa yakan kwanta, sai ki ɗaga shi a hankali da allura ko hantsaki kafin ki zana.

Fiffiken ciki ma ana ɓata wurinsa. A karfasa yana gaba, kusan ƙarƙashin na ƙirji, ba can tsakiyar ciki ba. Wutsiyarta kuma ba ta rabu biyu kamar almakashi ba, bakinta kusan a miƙe yake ko ya ɗan yi gwal.

Sai ɓawo. Kowanne yana hawa kan na bayansa, gefen da yake a sake yana kallon wutsiya. Shafa kifin daga kai zuwa wutsiya za ki ji santsi, shafa shi daga wutsiya zuwa kai za ki ji yana kama hannu. In lanƙwasar ɓawon a zanenki tana kallon kai, kin zana kifin da ruwa zai riƙa ɗaga masa ɓawo in yana tafiya. Wasu kuma sai su ja layuka masu gittawa kamar raga su ce ɓawo ne. Mai maki yana neman hawan juna, raga ba ta nuna shi.

Hauwa'u: Wallahi wutsiya mai rabuwa biyu na yi, kuma raga na yi a jikin. Ban ma sake kallon kifin ba bayan na fara.

Nura: Ni ina da ja a kan layin gefe. Ina karatun kiwon kifi, kullum muna tare da karfasa. Layin gefenta ba ɗaya ba ne miƙaƙƙe. A katse yake. Na sama ya taso daga bayan ofakulum ya bi lanƙwasar baya ya tsaya a ƙarƙashin ƙarshen fiffiken baya, sai wani ya fara a ƙasa da shi kaɗan ya tafi tsakiyar gindin wutsiya. Amma zanen da na koya a sakandare layi ɗaya ne daga kai har wutsiya. Yanzu yaro ya zana wanne? In ya zana na gaskiya, kada mai maki ya ɗauka layinsa ne ya karye ya hana shi makin tsabta.

Malam Sani: Gaskiyarka Nura, haka yake a karfasa da danginta. Ni abin da nake koya wa nawa shi ne su zana abin da ke farantin. Abin da takardar maki ta fi nema shi ne a ga layin gefen a wurinsa, an kuma nuna shi da suna. In an zana guda biyun da tsabta, na sama ya ƙare sarai, na ƙasa ya fara sarai a wani matakin daban, ba wanda zai ce hannu ne ya yi rawa.

Malama Binta: Nan kam ban bi ka gaba ɗaya ba, Malam. Kai ka san kifi, amma ba kowane mai maki ne ya taɓa zama ya ƙura wa karfasa ido ba, kuma takardu ɗaruruwa ne a gabansa. Ni ina gaya wa yarana in sun ga katsewar da idonsu su zana ta, su kai layin nunin kan na sama wanda ya fi tsawo. In ba su gan ta ba, kada su ƙirƙiro don sun ji a nan. A ƙaramar karfasa da ta sha fomalin ba kullum ake ganin ta da kyau ba sai da gilashin ƙara girma.

Nura: To ai kusan magana ɗaya ce, Malama.

Malama Binta: Ba ɗaya ba ce. Malam yana ganin babu haɗari, ni ina ganin akwai ɗan kaɗan, na dai yarda a ɗauke shi. Haka muke da shi a kan ɓawo. Shi yana cewa a zana 'yan kaɗan a wuri ɗaya, ni na fi son a yi faci biyu ko uku, ɗaya kusa da kai, ɗaya a tsakiya, ɗaya wajen wutsiya, don kada a ce sauran jikin fata ce irin ta tarwaɗa.

Malam Sani: Faci uku ba laifi in akwai lokaci. Abin da ba na so shi ne yaro ya zauna yana jera ɓawo ɗaya bayan ɗaya a duk jikin. Takardar firatikal awa biyu ce, zanen kuma ƙaramin yanki ne na tambaya ɗaya. Wanda ya ba shi rabin awa zai bar tambayoyin kamanci da bambanci da na rabe-raben halittu, waɗanda makinsu ya fi yawa. Minti goma zuwa sha biyu ya ishi zane ɗaya ga wanda ya saba.

Issoufou: Gaisuwa daga Damagaram. Ina bin maganar da sha'awa, sai dai wani abu ya ɗaure mini kai. Mu a lakwal, malamin SVT, wato darasin ilimin halittu da na ƙasa, ya koya mana layin nuni ya ƙare da kan kibiya a kan abin da ake nunawa, sunaye duka a jere a gefe ɗaya, take kuma a ƙasan zane a ja masa layi. Ga shi ku kuna cewa kan kibiya kuskure ne. Wane ne ke da gaskiya?

Malam Sani: Barka da zuwa Malam Issoufou. Kowa da gaskiyarsa a gidansa, al'adar jarrabawa ce ta bambanta. Ku tsarin Faransa kuka gada, mu na Ingila. Wanda zai zauna BEPC ko BAC ya bi abin da malaminsa ya koya masa. Wanda zai zauna WAEC ko NECO ya bar kan kibiya. Dalilinmu shi ne a zanen bayoloji kibiya tana nuna inda abu ya nufa, kamar gudun jini ko shigar ruwa, kuma kanta yakan rufe ɗan abin da ake son nunawa. Sauran ƙa'idojin kuwa ɗaya ne da naku: rula, fensir, ba inuwa, ba gittawa. Jera sunaye a gefe ɗaya ba dole ba ne a wurinmu, ana iya raba su hagu da dama, hakan ma yana rage gittawa. Take kuma yawancinmu a sama muke sa shi.

Issoufou: Na fahimta. Akwai yaranmu da ke tsallakawa Kano da Katsina karatu, zan gaya wa ƙanena ya kula da wannan.

Malama Binta: Tunda an zo kan layin nuni, bari in faɗi yadda nake sa yarana su yi. Layin ya taɓa abin da ake nufi, kada ya tsaya a iska kusa da shi, kada kuma ya wuce shi ya shiga wani. In ido ake nufi, bakin layin ya sauka a kan idon. In fiffiken ƙirji ne, ya shiga cikin fiffiken, domin in ya tsaya a gefensa yana iya zama ofakulum yake nunawa. Layin kansa yana iya ɗan karkata, amma rubutun sunan a kwance yake tafiya kamar kowane rubutu, a ƙarshen layin, ba a kansa ba, ba kuma a cikin jikin kifin ba.

Sai rubutun sunan. A firatikal in harafi ɗaya ya kauce a sunan sashe, babu maki, ko da mai makin ya gane me ake nufi. Yaranmu suna da wuraren faɗuwa guda biyu da na sani sarai. Na farko p da f, domin a bakinmu sun zama ɗaya. Kalmar fiffike ta Turanci da f take farawa, sai yaro ya sa p ta koma allura, kuma za ta fito sau biyar a zane ɗaya. Sunayen fiffiken ƙirji da na ciki kuwa da p suke farawa, sai a sa f. Ofakulum ma a rubuce p ne, da r a tsakiya, da c a inda kunne ke jin k. Na biyu tilo da jam'i. Layi ɗaya da ya taɓa ɓawo ɗaya, sunan tilo ne, ba s a ƙarshe. In kana son jam'i, sai layin ya rabu biyu ya taɓa guda biyu.

Abdul: Wannan na s ɗin kam tsanani ne. Yaron ya san abin fa.

Malam Sani: Ni ma wani lokacin yana yi mini nauyi in ina maki, Abdul, musamman in na ga yaron ya fahimci aikin. Amma takardar maki ɗaya ce ga kowa, kuma rahoton da manyan masu duba jarrabawa na WAEC ke fitarwa yana yawan kuka da abubuwan nan: kuskuren rubutun kalmomin fanni, zane ba take, ba magnifikeshan, layin nuni da hannu, layi mai gashi-gashi. Gara a gyara a aji.

Zainab: Malam mene ne layi mai gashi-gashi? Kuma ni matsalata ba kifi ba ce, lemo ne. An ce mu zana T.S. ɗinsa, wato yankan gicciye, na zana da'ira na raba ta gida-gida, malaminmu ya rubuta mini cewa ba a ga alamar yanka ba.

Malam Sani: Layi mai gashi-gashi shi ne wanda aka yi da ƙananan shafe-shafe, fensir yana gaba yana dawowa, har gefen zanen ya zama kamar an yi masa geza. Masu zanen hoto haka suke farawa, shi ya sa waɗanda suka iya zane suka fi faɗawa ciki. A bayoloji layi ɗaya ake so, siriri, wanda bai katse ba, kuma inda ya zagayo ya haɗu da mafarinsa ba tare da ya bar ƙofa ko ya wuce ba. A fiƙe fensir, a ja daga ɗigo zuwa ɗigo a tafiya ɗaya. In ya karkace a goge sarai a sake, kada a ɗora wani a kansa.

Lemonki kuma, Zainab, duk abin da wuƙa ta ratsa yana da kauri, kuma kaurin nan da layi biyu ake nuna shi. Dubi lemon da aka yanka a gicciye. Akwai ɓawon waje siriri mai launi, akwai farin nan mai laushi a ƙarƙashinsa, sannan fatar da ta kewaye kowane gida. In kika yi da'ira ɗaya tak, kin ce ɓawon ba shi da kauri ke nan. Ki yi layi biyu kusa da juna na ɓawon waje, ki bar fili na farin gwargwadon kaurinsa a lemon da ke gabanki, bangon da ke tsakanin gida da gida shi ma layi biyu. Ki ƙirga gidajen, in goma ne ki zana goma, kuma ba duka girmansu ɗaya ba. 'Ya'yan kada ki watsa su ko'ina. Suna manne ne ta kusurwar ciki, wajen tsakiya, kuma wannan mannewar ta tsakiya tana cikin abin da aka fi nema a zanen lemo da na tumatir.

Ki kula da yankan kansa. T.S. a gicciye ne, wuƙa ta bi ta cikin lemon, gindi a ɓari ɗaya kai a ɗayan. L.S. daga wurin kara zuwa ƙasa ne. In aka nemi ɗaya kika zana ɗayan, yawanci makin siffofi da na sunaye suna tafiya tare.

Zainab: To magnifikeshan ɗinsa fa, tunda ba shi da tsawo?

Malama Binta: Faɗinsa za ki auna, rula ta bi ta tsakiya daga gefe zuwa gefe. In lemon 7 ne zanen kuma 9, to 9 ÷ 7, ya ba ki ×1.3. Kin ga nan ya haura 1 saboda zanen ya fi lemon girma. Kuma kada ki ɗauko kamfas ki zana da'irar, ko ki kifa lemon a takarda ki zagaye shi. Da hannu ake yi, lemon ma ba da'ira ce cif ba.

Hauwa'u: Malama, ni hannuna ya saba da inuwa. In bayan karfasar ya fi duhu, ko wutsiyar tana da ratsi-ratsi, yaya zan nuna?

Malama Binta: Duhun baya ki bar shi, ba a tambaye ki launi a zane ba. In ana so za a tambaya a rubuce, ki amsa a rubuce. Ratsin wutsiya kuwa in kin gan shi kina iya nuna shi da siraran layuka kaɗan. Wasu malaman suna yarda da ɗige-ɗige a maimakon inuwa, ni dai ba na bari, don yara ba sa sanin inda za su tsaya.

Nura: Malam Sani, ɗalibin da ke rubuta ta masu zaman kansu fa, wanda ba a ba shi kifi sai hoto a takardar tambaya? Da me zai raba?

Malam Sani: Su galibi ba su zanen ake yi a ce su faɗi sunayen sassan da aka sa wa lamba, saboda haka rubutun suna ya fi yi musu nauyi a kan layi. In kuma aka ce su zana daga hoton da ke takardar, ƙa'idojin nan duka suna nan, kuma tsawon hoton da aka buga shi za su auna da rula su raba da shi. Hauwa'u, ki nemo karfasa ɗaya ki sake zanen da awon Malama Binta, ki ɗauki hotonsa da rula a kwance a ƙarƙashinsa ki turo, ina son ganin ɓawon da fiffiken baya.

Hauwa'u: In sha Allah gobe bayan an taso, Malam. Taken in rubuta harafin sifesimin ɗin kawai, ko in haɗa da sunan kifin?

Malam Sani: Ki rubuta cewa zane ne, ta gefe, na sifesimin kaza da harafinsa. Wannan ya wadatar. In kin tabbata da sunan kifin da yadda ake rubuta shi, ki ƙara. In kina shakka ki tsaya a harafin, don sunan da ba daidai ba yana iya ɓata taken da ya riga ya cika.